Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kan tsokokin cinya da jijiyoyinsu

Cikin ɗalibanmu Hausawa masu karatun jinya da gashin ƙashi a nan Legas, waɗanda nakan zauna da su muna bitar darasi a Idi-Araba, da wuya a sami wanda bai haddace ƙa'idar cinya ba. Ƙa'idar ta ce cinya ta kasu gida 3: tsokokin gaba suna miƙe gwiwa kuma jijiyar femoral ce ke motsa su, na ciki suna jawo cinya ta haɗu da 'yar'uwarta ta hanyar jijiyar obturato, na baya kuwa suna lanƙwasa gwiwa tare da mayar da cinya baya ta hanyar jijiyar sayatik. Ƙa'idar daidai take, amma kusan duk kuskuren da nake gani ya samo asali ne daga ɗaukar ta a kan cewa babu tsokar da ta saɓa mata.

Tun kafin a kai nan ma akwai ruɗanin da harshenmu yake jawowa, domin kalmar jijiya a bakin Bahaushe ta haɗa hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, da kuma farin zaren da ke fitowa daga laka yana kai saƙo. Wannan ta ƙarshe nake nufi a nan. Idan majiyyaci ya ce jijiyarsa ta cinya ta tsinke, wajibi ne a tambaye shi abin da yake nufi kafin a rubuta komai.

Kuskuren da ya fi yawa a tsokokin gaba shi ne ɗaukar kawuna 4 na kwadirisef, babbar tsokar gaban cinya, a matsayin masu aiki iri ɗaya. Gaskiya ne dukkansu suna haɗuwa a ƙoƙon gwiwa su sauka kan ƙashin ƙwauri su miƙe gwiwa, sai dai 3 daga cikinsu, wato tsokokin bastus, daga ƙashin cinya suka taso, saboda haka ba su da wani iko a kan gaɓar kwankwaso. Rektus femoris kaɗai ce ta taso daga ƙashin ƙugu, ta ƙetare gaɓoɓi 2, don haka take ɗaga cinya gaba tana kuma miƙe gwiwa, kamar yadda ake gani a ƙafar mai buga ƙwallo. Gyaran wannan kuskure shi ne ɗalibi ya riƙa tambayar kansa inda tsoka ta taso da inda ta sauka, domin tsoka ba ta motsa gaɓar da ba ta ƙetare ba.

Wannan tambaya ita ce kuma take warware batun sartoriyus, tsokar da ta fi kowace tsawo a jikin mutum. Ɗalibai sukan rubuta cewa tana miƙe gwiwa saboda a gaba take kuma femoral ce ke motsa ta, alhali kuwa ta gangara ne a karkace, ta bi ta gefen gwiwa na ciki daga ɗan baya, saboda haka lanƙwasa gwiwa take yi. Nakan ce wa ɗalibi ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa irin zaman cin tuwo, ya lura da yadda cinyarsa ta ɗago, ta buɗe, ta juya waje, gwiwar kuma ta lanƙwashe, domin waɗannan 4 su ne aikinta. A wurin da ta sauka a saman ƙashin ƙwauri ta ciki tana haɗuwa da girasilis da semitendinosus, kowace daga gidanta daban, kowace da jijiyarta daban: femoral, obturato da reshen tibiyal na sayatik.

A tsokokin ciki, adakta magnus ce ke kayar da mutane a jarrabawa. Babban sashenta, wanda ke jawo cinya ciki, obturato ce ke motsa shi, amma sashen da ya taso daga ƙashin zama ya sauka kusa da gwiwa yana karɓar saƙo ne daga reshen tibiyal na sayatik, kuma yana taimakawa wajen mayar da cinya baya. Fektiniyus ita ma tana jawo cinya ciki, amma a yawancin mutane femoral ce ke motsa ta.

A baya kuma, baisef femoris tana da kai 2. Dogon kan ya taso daga ƙashin zama tare da semitendinosus da semimembiranosus, duka ƙarƙashin reshen tibiyal. Gajeren kan daga bayan ƙashin cinya ya taso, bai ƙetare kwankwaso ba, don haka gwiwa kawai yake lanƙwasawa, kuma reshen feroniyal na sayatik ne ke motsa shi.

Inda na fi damuwa shi ne gaban majiyyaci, domin a nan ne haddar da ba a fahimta ba take cutar da mutum. A ɗauki misalin ɗan dako a kasuwar Mil 12 wanda ƙarfe ya soke shi a hantsa, ƙasa kaɗan da layin da ciki ya haɗu da cinya, aka ɗinke raunin ya warke, amma ya dawo yana cewa gwiwarsa tana sulluɓewa idan yana saukowa daga gadar masu tafiya a ƙasa, har sai ya dafe cinyar da hannu. An zaunar da shi a bakin gado an ce ya miƙe ƙafar, ya kasa. An buga ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar gwaji, ƙafar ba ta zabura ba. An shafa masa auduga, bai ji ba a gaban cinya da gefen ƙwauri na ciki har zuwa idon sawu. Waɗannan duka suna nuna femoral.

Sai aka ce ya ɗaga cinyar sama yana zaune, ya ɗaga, ko da yake ba da cikakken ƙarfi ba, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke janye maganarsu su ce ashe femoral lafiya take. Wannan kuskure ne babba. Tsokar da ta fi ƙarfi wajen ɗaga cinya ita ce iliyosowas, kuma sashenta na sowas yana karɓar saƙo kai tsaye daga saiwoyin laka na ƙasan baya da ake kira L1 zuwa L3, sashen iliyakus kuwa reshensa yakan bar femoral tun a cikin ƙugu, sama da wurin raunin. Abin da ya rasa wajen ɗagawa shi ne gudummawar rektus femoris da sartoriyus, shi ya sa ƙarfin ya ragu bai ɓace ba.

Gwajin da ake yawan mantawa shi ne na matse cinyoyi. Femoral da obturato daga saiwoyi iri ɗaya suke fitowa, L2 zuwa L4, saboda haka idan matsalar a ƙashin baya take, inda saiwoyin suke fita, ana sa ran rashin ƙarfin ya shafi miƙe gwiwa da matse cinya gaba ɗaya. Mai duba majiyyaci yakan kwantar da shi rigingine, ya sa dunƙulen hannunsa tsakanin gwiwoyin ya ce, "Malam, matse hannuna iya ƙarfinka." Ɗan dakon nan ya matse da ƙarfi daidai a ɓangarorin biyu, wanda ya nuna obturato lafiya take kuma saiwoyin ba su taɓu ba. Da wannan aka tsayar da cewa femoral ce ta samu rauni a hantsa, ƙasa da inda reshen iliyakus ya fita, kuma abin da za a rubuta ke nan a takardar tura shi wurin likitan jijiyoyi.