Yadda ake zagaye taga da ƙofa da fitilun ado ba tare da an yi wa piriz lodi ba

Da farko ka auna. Taga mai mita 1 da mita 1,2 kewayenta mita 4,4 ne, saboda haka igiyar fitilu mai mita 10 za ta zagaye ta sau biyu. Layi na ciki ya bi katakon taga, na biyu ya bi bango da tazarar yatsa huɗu, don kada su haɗu su tara zafi.

Sai ka duba wat a jikin kwalin kowace igiya, ka tara. Igiya huɗu masu wat 40 sun zama wat 160. Ralonji mai amfiya 10 a wutarmu ta bolt 220 iyakarsa wat 2200. Ka ga fitilun ba su da nauyi. Matsalar ita ce a jona butar lantarki mai wat 2000 da dutsen guga a wuri guda. Waɗannan a ba su piriz dabam.

Kada ka jona igiya cikin igiya fiye da adadin da kwalin ya faɗa, domin siririyar wayar ta farko ce ke ɗaukar wutar sauran duka.

Wajen kafawa, yi amfani da maƙalan roba, banda ƙusa. Ƙofofin ƙarfe sun yi yawa a Damagaram: waya ta bi gefen bango, kada ta ratsa inda ƙofa ke rufewa. In ƙarfe ya yanke robar, ƙofar kanta za ta riƙa jan mutum. Fitilun da za a sa a waje kuwa, nemi masu alamar IP44, wato masu jure fantsamar ruwa.

Kunna, bayan minti 30 ka taɓa robar kan wayar da ka jona a piriz. In ya yi zafi ko yana ƙaurin roba, cire shi nan take: ko piriz ɗin ya saki, ko lodi ya yi yawa.