Kurakuran da Jami'in Kula da Ma'aikata Ya Fi Yi Idan Hujja Ta Yi Ƙaranci Kuma Shaidu Suna Tsoron Bita-da-Ƙulli

A ɗauka wani kamfanin rarraba takin zamani ne a cikin birnin Katsina, mai direbobi 12, sai wata safiya jami'in kula da ma'aikata ya tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofar ofishinsa, babu suna babu sa hannu. Takardar ta ce shugaban sashen sufuri yana karɓar naira 5,000 daga hannun kowane direba kafin ya ba shi doguwar tafiya irin ta Funtuwa ko Kano, wadda ake biyan alawus na kwana a kanta, wanda kuwa ya ƙi bayarwa sai a bar shi da jigilar cikin gari da ta Daura, ya je ya dawo a yini ɗaya babu ko sisi. Abin da ke hannun jami'in ke nan.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne gaggawar kiran mutane. Jami'i ya ɗauki takardar ya nufi ofishin wanda ake zargi, ko ya sa masinja ya kira direbobi biyu da yake kyautata zaton su suka rubuta. Kafin azahar kowa a garejin ya san wa aka kira, shugaban sashen ya samu damar gyara takardunsa, direbobin kuwa sun kulle bakinsu. Gyaran shi ne a fara da abin da ba ya jin tsoron kowa, wato takardu. Kafin jami'in ya yi wa kowa tambaya, sai ya karɓi rajistar tafiye-tafiye ta wata shida, da baucocin biyan alawus, da littafin da mai gadi yake rubuta shiga da fitar motoci, ya ɗauki kwafinsu ya ajiye inda shi kaɗai yake da makulli. A misalinmu, rajistar ta nuna dogayen tafiye-tafiye 240, direbobi huɗu sun yi 170, sauran takwas sun raba 70 a tsakaninsu, alhali ƙa'idar kamfanin ta ce layi ake bi. Baucoci 23 kuma an sa musu hannu da rubutun da ya yi kama da na mutum ɗaya. Wannan bai tabbatar da cewa an karɓi kuɗi ba, domin mai yiwuwa waɗannan huɗun su ne masu lasisin manyan motoci, amma ya ba jami'in dalilin yin tambaya wanda ba ya nuna kowa da yatsa.

Daga nan sai batun shaidu, kuma a nan ne aikin ya fi lalacewa. Wanda bai san zaman garin nan ba yakan ɗauka tsoron kora ne kaɗai yake hana mutum magana. Direban da ake so ya yi magana yana iya kasancewa unguwarsu ɗaya da ogan nasa a Ƙofar Marusa, sahu ɗaya suke bi a masallaci, wataƙila ma wani dattijo da suke jin nauyinsa su biyun ne ya samo masa aikin. Abin da yake gudu shi ne a ce shi ya tona asirin mai iyali har ya raba shi da abincinsa. Saboda haka ba a ware mutum ɗaya ko biyu a kira. Dukkan direbobin 12 za a gana da su, ɗaya bayan ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, a kusan tsawon lokaci ɗaya, a ɗakin da ba ya kallon ofishin shugaban nasu, ta yadda wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru ba za su bambanta a idon mai leƙe ba. Tambayar ma kada ta zo da amsarta a ciki. Idan aka ce, "Malam, oga yana karɓar kuɗi a hannunku, ko?" an sa masa magana a baki, kuma duk abin da ya faɗa ya rage daraja. Abin da ya dace shi ne a ce, "Malam, yi mini bayanin yadda aka ba ka tafiyarka ta ƙarshe zuwa Funtuwa, daga lokacin da aka sanar da kai har zuwa sa'ad da kuɗinka suka shiga hannunka." A kowace amsa kuma jami'in ya rubuta ko ganau ne mai maganar ko jiyau, domin mutum biyar da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

Akwai wani kuskure da tausayi yake haifarwa. Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, ina da magana, amma don Allah kada sunana ya fito," jami'i kuma ya dafa ƙirji ya ce wallahi babu mai ji. Alkawari ne da ba shi da ikon cika shi. Idan aka kori shugaban sashen ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago a sashe na 254C, kamfanin zai iya samun kansa a inda dole ya fito da hujjar da ya dogara da ita. Ko ba a je kotu ba, cikakken bayanin da ya ambaci rana da wuri yakan fallasa mai shi ko da an goge sunansa. Abin da jami'in zai iya faɗa da gaskiya shi ne cewa ba zai bayyana sunan ba sai ga wanda aikin ya wajabta wa sani, cewa zai sanar da shi kafin ya yi amfani da maganar tasa a kan kowa, kuma idan ya ƙi yarda a ambace shi, za a ɗauki bayaninsa a matsayin manuniya ta inda za a duba, ba za a gina hukunci a kansa shi kaɗai ba. Kada kuma jami'in ya ruɗi mutum da cewa gwamnati tana kare mai fallasa, domin tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disambar 2016 ya shafi dukiyar gwamnati ne, ba zai yi wa direban kamfani mai zaman kansa rana ba. Kariyar da take hannun jami'in ita ce ta cikin gida: a karɓe rabon tafiya da biyan alawus daga hannun wanda ake zargi har a gama bincike, a kuma gargaɗe shi a rubuce cewa duk wani sauyin aiki ko barazana ga direba a wannan lokaci laifi ne mai zaman kansa. A gani na wannan ya fi dakatarwa, wadda mutane suke fassarawa da cewa an riga an yanke hukunci.

Wasu jami'an, saboda son kare shaidu, sai su faɗa ɗaya ramin, su ɓoye wa wanda ake zargi komai. Su ba shi takardar neman bahasi mai cewa an same shi da rashin ɗa'a, ya kare kansa cikin awa 24. Mutum ba zai iya kare kansa daga abin da ba a faɗa masa ba. Takardar ta ƙunshi zargin dalla-dalla, wato saɓa ƙa'idar layi a tsakanin wata kaza da wata kaza, da lambobin baucocin nan 23, da zargin neman kuɗi kafin ba da tafiya, a haɗa masa da kwafin takardun, a ba shi wa'adin da kundin ƙa'idojin kamfanin ya tanada, in kuwa kundin bai ambata ba, kwana uku na aiki sun fi dacewa da zargi mai nauyi haka. Sunan shaida ana iya riƙe shi a wannan mataki, amma gundarin abin da aka faɗa dole ya isa gare shi. Haka kuma wanda yake da hannu a maganar ba ya zama a kwamitin sauraro. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda tarzomar ta shafi dukiyarsa, shi ya shugabanci kwamitin binciken. Idan manajan da ya ɗauki shugaban sashen aiki surukinsa ne, ko kuma an san suna takun-saƙa, sai a nemo wani daga wani sashe.

Mu koma ga misalin. Cikin direbobi 12, goma sun ce ba su san komai ba, ɗaya ya ce ya ji ana faɗa, ɗaya kuma ya ce shi da kansa ya ba da kuɗi sau biyu, a hannu, babu kowa a wurin, kuma bai yarda a ambaci sunansa ba. Shugaban sashen ya musanta karɓar kuɗi, ya ce huɗun sun fi sanin hanya, ya kuma amsa cewa shi ya sa hannu a baucocin a madadin direbobin da ba sa nan. Duba fayil ya nuna dukkan 12 lasisi iri ɗaya suke da shi, don haka uzurin ƙwarewa ba shi da ƙarfi.

A nan jami'i yakan ji matsi ta fuska biyu, maigida yana son a rufe maganar, direbobi suna jiran a kori mutumin, sai ya tilasta wa rahoto ya ce ko dai an kama shi ko an wanke shi. Sakamako uku ne a gabansa: zargi ya tabbata, zargi bai tabbata ba saboda ƙarancin hujja, ko an gano ƙarya ne, kuma kowane zargi ana auna shi daban. Ma'aunin binciken cikin gida shi ne abin da ya fi rinjaye a hankali bisa hujja, amma jami'in ya tuna cewa sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aikata laifi ya zama jigon magana a kotu, ko da shari'ar ta farar hula ce, sai an tabbatar da shi ba tare da shakka mai ma'ana ba. Saboda haka rubuta kalmar cin hanci a takardar kora bisa bayanin mutum ɗaya da ba zai bayyana ba, ganganci ne. Rahoton da ya dace zai ce saɓa ƙa'idar layi da sa hannu a madadin wasu sun tabbata, domin takardu da bakin mai shi sun nuna haka, neman kuɗi kuwa bai tabbata ba. Kada a rubuta cewa ƙorafin sharri ne, kada kuma a shiga farautar wanda ya turo takardar. Horon ya tsaya a kan abin da ya tabbata, gwargwadon abin da kundin ya tanada, sannan a toshe kafar: alawus ya riƙa shiga asusun bankin kowane direba kai tsaye, jadawalin layi kuma a manna shi a allon gareji inda kowa zai gani.

Bita-da-ƙulli ba ya zuwa a makon da aka rufe fayil. Yakan zo ne bayan wata biyu ko uku cikin rigar aiki, a ba direba motar da ta fi kowace lalacewa, a hana shi hutun da ya nema, ko takardun neman bahasi su fara sauka a kansa saboda makarar minti goma da a da ba a kulawa da ita. Jami'in ya sa wa kansa ranaku, bayan wata ɗaya, da wata uku, da wata shida, ya sake buɗe rajistar ya ƙirga tafiyar kowane direba, ya duba wa aka hora kuma wa ya nemi a hora shi, ya sake ganawa da dukkansu 12 kamar yadda ya yi da farko, domin idan ya kira wanda ya yi maganar shi kaɗai, ya nuna shi ke nan. Bayanan shaidun kuma su zauna a fayil na daban da aka kulle, ba a cikin fayil ɗin ma'aikaci da akawu da masinja suke ɗauka daga tebur zuwa tebur ba.