Masai ya toshe ko ruwa yana tafiya a hankali: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Da zarar mutum ya ja ruwan masai ya ga maimakon ya wuce sai tasowa yake yi, abin da hannu yake fara yi shi ne ya sake ja. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ne yake mai da ƙaramar matsala ta zama ambaliyar ƙazanta a ƙasan banɗaki. Tankin masai na zamani yana sakin ruwa kimanin lita 6 a ja ɗaya, tsofaffi kuma suna kaiwa lita 9 ko fiye. Tukunyar masan takan iya ɗaukar ja ɗaya ko da hanya a toshe take, amma ja na biyu sai ya malalo. Idan ka ga ruwa yana hawa, ka rufe ɗan famfon da ke bango, wanda yake kai wa tanki ruwa. Idan kuma yana gab da zubowa, buɗe murfin tanki ka mayar da abin da ke rufe ramin ƙasan tankin da hannunka. Ruwan cikin tanki mai tsabta ne, babu abin ƙyama.

Kuskure na biyu shi ne ɗauka cewa duk masan da ruwansa ke tafiya a hankali toshewa ya yi. Ba haka ba ne, kuma gane bambancin bai fi minti ɗaya ba. In dai tukunyar ba ta cika ba, cika bokiti da ruwa kamar lita 8 zuwa 10, ka juye shi gaba ɗaya a lokaci guda cikin ramin. Idan ya wuce da ƙarfi ya share komai, to hanyar a buɗe take, matsalar daga sama ce: ko dai tanki ba ya cika yadda ya kamata, ko abin da ke rufe ramin tankin yana komawa da wuri, ko kuma ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin leɓen tukunya sun cushe da farar ƙasar da ruwa ke bari. Waɗannan ramuka ana iya leƙa su da ƙaramin madubi a sossoke su da waya. A irin wannan hali ko ka wuni kana danna roba, wato robar nan mai sanda da ake buɗe toshewa da ita, babu abin da zai canja. Idan kuwa ruwan bokitin ya taru yana sauka sannu a hankali, lalle akwai abin da ya tare hanya.

Kafin a ɗauki roba yana da kyau a san inda toshewar takan zauna. A cikin jikin masai akwai wani lanƙwasasshen lungu da ke riƙe ruwa kullum domin hana wari tasowa daga bututu. Wannan lungu ya fi bututun da ke bayansa ƙunci, domin bututun fitar da ƙazanta yakan kai faɗin santimita 10 zuwa 11. Saboda haka yawancin abin da ya maƙale a nan yake tsayawa, kusa da hannu, kuma nan ne kaɗai roba take da tasiri sosai.

Ita kanta robar iri biyu ce, kuma mutane da yawa wadda ba ita ba suke saya. Akwai mai kama da kwano da aka kifa, bakinta a shafe. Wannan ta wurin wanke hannu ce da wurin wanke kwanuka, inda ƙasa take a shimfiɗe. Ramin masai kuwa a lanƙwashe yake, don haka irin wannan ba ta kama shi, ruwa sai ya riƙa fita ta gefe. Ta masai tana da wani ƙarin wuya da ke fitowa daga ƙasanta, wanda yake shiga cikin ramin ya toshe shi ruf. Wani lokaci wuyan a naɗe yake a ciki lokacin da aka saya, sai an zaro shi da yatsa. Idan robar ta bushe ta yi tauri, a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci ta yi laushi. Wadda ta tsage kuma a yar da ita.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: ruwa ne yake buɗe toshewar, roba tura shi kawai take yi. Iska tana matsuwa idan an danna ta, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka duk ƙarfin da ka sa yana isa kai tsaye ga abin da ya toshe. Wanda ya kifa roba a tsaye cike da iska ya danna da ƙarfi, iskar ce za ta kufce ta gefe ta watso masa ruwan ƙazanta, toshewar kuwa tana nan. Yadda ake yi shi ne a tabbata ruwan da ke cikin tukunya ya isa ya rufe kan robar. Idan bai kai ba a ƙara da bokiti, idan ya yi yawa har yana neman zuba a kwashe kaɗan. Sai a sa robar a karkace domin ruwa ya shiga cikinta iska ta fita, a daidaita wuyan a cikin ramin, a yi dannawar farko a hankali.

Bayan haka sai a shiga dannawa da jawowa a jere, sandar a miƙe, ba tare da bakin robar ya rabu da ramin ba, kamar sau 15 zuwa 20. Mutane kan zuba ƙarfinsu duka a turawa su manta da jawowa, alhali jawowar ce take sassauta abin da ya cushe. Turawa kaɗai tana iya ƙara danƙare shi a cikin lungun. Abin da ake nema shi ne ruwan ya riƙa kai da komo yana girgiza shi har ya wargaje. A ƙarshe sai a fizge robar a duba. Idan ruwa ya zurara da ƙara, an dace. Ko a nan ma kada a yi saurin jan tanki, a fara gwadawa da rabin bokiti, domin bokiti kana iya tsayar da shi, tanki kuwa in ya saki ya saki. Idan bai wuce ba a maimaita zagaye uku ko huɗu. Zuba ɗan sabulun ruwa da ruwan ɗumi a bar shi minti 15 yana taimakawa idan takarda ce ko bayan gida mai tauri.

Na ce ruwan ɗumi, ban ce tafasasshe ba. Tangaran ɗin da aka yi masai da shi yana iya tsagewa idan zafi ya same shi farat ɗaya, kuma masan da ya tsage sai dai sauyi.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne zuba sinadari mai ƙuna, soda ko asid, cikin masan da ya toshe. Ruwa a tsaye yake, don haka sinadarin zama zai yi a cikin tukunya yana zafi. Ba ya narkar da kayan roba ko abin wasan yara. Sannan idan bai yi aiki ba aka dawo ga roba, duk ɗigon da ya fantsamo yana iya ƙona fata ko ya lalata ido. Haɗa bilic da asid kuma yana fitar da iskar kulorin mai guba, a ɗaki ƙarami irin banɗaki. Idan har an riga an zuba, kada a danna roba a kai, a buɗe taga, kuma a faɗa wa mai gyara tun kafin ya sa hannu.

Akwai kuma lokacin da roba ita kanta kuskure ce. Idan ka san wani abu mai tauri ne ya faɗa, kamar buroshin haƙori, murfin kwalba ko abin wasan yaro, dannawa za ta tura shi ne ciki inda hannu ba ya kaiwa. Gara a sa doguwar safar hannu ta roba a laluba a zaro shi. Alamar irin wannan ita ce ruwa zalla yana wucewa, amma da an sa takarda sai ya sake toshewa, domin abin ya gicciye a lungun yana kama duk abin da ya zo. A nan ana amfani da wayar buɗe masai, mai mariƙin juyawa da rigar roba a gwiwarta don kada ta karce tangaran. Tsawonta yakan kai mita ɗaya, wasu har kusan biyu. Idan ita ma ta kasa, sai an ciro masan an fitar da abin ta ƙasa. Wayar rataye kaya da sanda ba sa bin lanƙwasa, karce kawai suke bari.

To yaya ake gane cewa toshewar ta wuce masai ta shiga babban bututu? Sauran magudanan gidan ne za su faɗa maka. A ɗauki gida mai hawa biyu, banɗaki ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Masan ƙasa ya fara jinkiri, an danna roba ya ɗan wuce, bayan kwana biyu ya dawo. Ana nan sai aka lura idan an ja ruwa a sama, na ƙasa yana ɓulɓulo da kumfa, kuma ruwa mai wari yana tasowa ta magudanar wurin wanka. Wannan ba matsalar masai ba ce. Bututun da duka suke zubawa ne ya toshe a gaba da inda suka haɗu, ruwa ya rasa hanya, shi ne yake fitowa ta rami mafi ƙasa a gidan. Danna roba a nan ruwan kawai yake korawa daga wannan rami zuwa wancan. Abin yi shi ne a daina sakin ruwa a ko'ina cikin gidan, har da wanki da wanka, a fita a ɗaga murfin ƙaramin ramin duba bututu da ke waje. Idan an same shi babu ruwa, toshewar tana tsakaninsa da gidan. Idan a cike yake, tana gaba da shi, ko kuma babban ramin tara ƙazanta ne ya cika yana bukatar kwashewa. Wannan bayani kaɗai yana rage wa mai gyara aiki, yana kuma hana a fasa inda ba shi ne ba. Babban ramin dai leƙa shi ma haɗari ne, balle shiga, domin iskar cikinsa tana kisa.

Akwai wani hali mai kama da wannan da yakan rikita mutane. Masai yana ƙugi, ruwan da ke zaune a cikinsa yana raguwa shi kaɗai, wari yana shigowa, amma babu inda ruwa ke tasowa. Sau da yawa bututun iska ne da ke fita ta saman rufi ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu. Idan iska ba ta shiga, ruwan da ke gangarowa sai ya zuƙe na cikin lungun masai. Gyaran a sama yake.

Idan kuma babban bututu yana toshewa a kai a kai ko bayan an buɗe shi, a nemi a duba ko saiwar bishiya ce ta shiga ta mahaɗa, ko bututun ya karye, ko tun farko ba a ba shi isasshen gangare ba. Kafin a kai ga zargin bututu dai a duba abin da ake jefawa. Jiƙaƙƙen tishun goge jiki, audugar mata, kunzugun yara da tsinken goge kunne ba sa narkewa a ruwa kamar takardar masai, ko da an rubuta a jikin ledar cewa ana iya kora su. A ajiye kwandon shara mai murfi kusa da masai domin su.