Yadda ake amfani da "werden" da madadinsa a rahoton bincike na Jamusanci

A rubutun kimiyya na Jamusanci, abin da aka yi ya fi wanda ya yi shi muhimmanci, shi ya sa jimlar "werden", wato Passiv, wadda ba sai an ambaci mai aikin ba, ta yi yawa a ciki. Mu ɗauki ɗalibin da ya ɗumama ruwa a ɗakin gwaji, yana son rubuta rahotonsa.

Da farko ya ɗauko abin da aikin ya faɗa a kansa, ya sa shi a gaba, "werden" ya biyo, aikatau kuma ya koma ƙarshen jimla a siffarsa ta Partizip II. Tunda gwajin ya riga ya wuce, sai ya rubuta: "Die Probe wurde auf 80 °C erhitzt", wato an ɗumama samfurin zuwa digiri 80. In ya zaɓi Perfekt, ya kula sosai: "ist erhitzt worden" ake cewa, ba "geworden" ba. Nan masu koyo kan yi tuntuɓe.

Sai ya tambayi kansa: aikin nake bayani, ko halin da abin yake ciki bayan an gama? "Das Gefäß wird verschlossen" na nufin ana rufe mazubin yanzu. "Das Gefäß ist verschlossen" kuwa, a rufe yake. Wanda ya musanya su a bayanin hanyar gwaji ya ɓatar da mai karatu, don ba zai gane ko akwai matakin da shi ma zai yi ba.

Daga nan ya karanta sakin layin da babbar murya. In ya ji "wurde" ko "werden" a kowace jimla, lokacin sauyi ya yi. Inda ma'anar "ana iya" ce, kamar "Der Fehler kann erklärt werden", ya mai da ita "Der Fehler lässt sich erklären". A ganina wannan ce ta fi daɗin karatu. Wani lokaci ma sifa ɗaya mai ƙarewa da "-bar" ta wadatar: "Der Unterschied ist messbar", ana iya auna bambancin.

Akwai kuma "sein" da "zu", amma tana bukatar hattara domin fuska biyu gare ta. "Die Temperatur ist konstant zu halten" umarni ne, dole a riƙe zafin yadda yake. "Der Wert ist leicht abzulesen" kuwa iyawa ce, ana iya karanta adadin cikin sauƙi. Kalma irin "leicht" ko "kaum" ce ke nuna haka; in babu ita kuma jimlar na iya rikitarwa, gara ya koma kan "muss" ko "kann" kai tsaye.

Shi kuwa "man", yana zuwa wa Bahaushe da sauƙi saboda ya yi kama da "an" ɗinmu. Ya dace da lissafi, kamar "Daraus erhält man", amma wajen bayanin abin da ɗalibin ya yi da hannunsa ranar gwaji, ya bar "wurde" a wurinsa.