Il prena, il fût: kurakuran da na gaji da gyarawa a Faransancin littafi

Duk wanda ya taɓa gyara insha'in ɗaliban Faransanci, a Maraɗi ne ko a Damagaram ko a jami'o'in Arewa, ya san inda jan biro yake ƙarewa. Yaro yana magana ba ya tuntuɓe, amma da ka ce ya rubuta labari sai ka ga il prena, il disa, il voya. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Faransanci. Kuskuren kuma iri ɗaya ne kowace shekara, tushensa ma ɗaya: ana koyar da passé simple da imparfait du subjonctif a matsayin jadawalin hadda, ba a gaya wa ɗalibi aikin da suke yi da wurin da aka yarda su shiga ba.

Passé simple lokaci ne na ba da labari. Idan marubuci ya ce il ouvrit la porte, ya ɗauke buɗe ƙofar daga yau, ya ajiye shi a cikin jerin abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa mutum ya ce il a ouvert la porte, wato passé composé, abin yana da igiya da ta ɗaure shi da lokacin da ake maganar, watakila ma ƙofar tana nan a buɗe. Masanin harshe Émile Benveniste ya fayyace wannan a 1959, inda ya raba lokutan Faransanci gida biyu: na labari, wanda abubuwa ke tafiya kamar ba mai faɗarsu, da na zance, inda akwai ni da kai da yanzu. Bahaushe yana da kunnen jin wannan. Mai tatsuniya cewa yake “suka tashi, suka kama hanya, suka iske kura”, wanda ya shigo gida da saƙo kuwa cewa yake “sun tafi”. Bambancin shi ne “suka” tamu tana raye a bakin kowa, passé simple kuwa ya fita daga hirar yau da kullum, ya tare a ƙagaggun labarai da littattafan tarihi da tatsuniyoyin da ake karanta wa yara.

Ba dare ɗaya ya fita ba. Littafin nahawun Port-Royal na 1660 ya yarda a ce j'écrivis hier, amma ya hana j'écrivis ce matin, saboda abin da ya faru yau bai yi nisan da zai shiga passé simple ba. Sannu a hankali passé composé ya cinye jiya da bara da sauran duka, ga shi kuma da sauƙi a baki: avoir ko être, sai participe. Wa zai tsaya yana laluben nous vînmes da vous sûtes yana cikin ciniki? Marubuta sun riƙe tsohon lokacin don yana tura labari gaba da kalma ɗaya gajera, kuma yana gaya wa mai karatu cewa labari ake yi. Shi ya sa da Albert Camus ya fitar da L'Étranger a 1942 da passé composé, masu nazari suka yi ta magana a kai.

Kuskuren farko, mai yawa kamar ƙasa, shi ne liƙa -a a kan kowane aikatau. Dalilinsa a fili yake: aikatau masu ƙarewa da -er su suka fi yawa, kuma su ne ke yin il marcha, ils marchèrent. Sai ɗalibi ya ɗauka kowa haka yake. To a'a. Sauran suna bin -it ko -ut: il finit, il sortit, il prit, il courut, il voulut. Venir da tenir da 'ya'yansu kuma gidansu daban, il vint, ils vinrent, il tint.

Ga irin abin da nake samu a takarda: Le chasseur prena son fusil et sorta. Il a marché longtemps. Soudain il voya un lion qui dormit sous un arbre. Prena da sorta da voya su koma prit da sortit da vit. Il a marché daidai yake a nahawu, amma ya fasa labarin, don an fara da lokacin labari an faɗa lokacin zance a tsakiya, saboda haka il marcha. Na ƙarshen ya fi ɓoyuwa. Dormit kalma ce ta gaskiya, sai dai ba a idon maharbi zakin ya fara barci ba, yana cikin barcinsa aka iske shi, don haka imparfait ake so, dormait. In da Hausa ne ba wanda zai yi wannan kuskure, kowa zai ce “sai ya ga zaki yana barci”. Duk inda Hausarka ta ba ka “yana” ko “suna”, to imparfait ne. Gyararren ya zama: Le chasseur prit son fusil et sortit. Il marcha longtemps. Soudain il vit un lion qui dormait sous un arbre.

Maganin da nake bayarwa nawa ne, akwai malaman da ba su yarda da shi ba. Ba na sa mafari ya haddace layuka shida. Il da ils kawai nake nema, don su ne ke cika shafin labari, je ya biyo baya, nous da vous kuwa ya isa ya gane su in ya gamu da su. Sannan in sa shi ya duba participe ɗin da ya riga ya sani: pris ya ba shi prit, mis ya ba shi mit, couru courut, vécu vécut, lu lut, eu eut. Dabarar tana da iyaka, kuma iyakar ce ake haddacewa: vu amma il vit, fait amma il fit, été amma il fut, né amma il naquit, mort amma il mourut, ouvert amma il ouvrit, écrit amma il écrivit, sai masu -re irin su rendu da ke yin il rendit. Ka rubuta waɗannan a bayan littafinka, ka daina cankar ƙarshen kalma.

Kuskure na biyu shi ne ke tayar mini da hankali, don ya taɓa ci mini kuɗi. Na taɓa shirya wani ɗan littafi na tatsuniyoyin Hausa da na juya zuwa Faransanci saboda ɗalibaina. Wanda aka ba aikin shigar da rubutun a na'ura ya ga fut da eut da vint tsirara, sai ya ga ai Faransancin littafi bai kamata ya zauna ba hula ba, wato alamar ^ da ake ɗorawa kan wasali, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗora musu. Sai da aka buga aka ɗinke na buɗe shafin farko na ga Gizo fût surpris. Na kira shi na ce, “Malam, wa ya sa ka?” Ya ce, “Ranka ya daɗe, na ga ya fi kyau ne.” Ya fi kyau! Littafin da aka yi don koya wa yara daidai ba ya fita da kuskure a kowane shafi, dole aka sake bugawa, daga aljihuna.

Ku saurara da kyau, ku masu ɗora hula don ado. Il fut passé simple ne, abu ya faru. Qu'il fût imparfait du subjonctif ne, yana zuwa bayan kalmomin so ko tsoro ko wajibi ko shakka, ko bayan irin su bien que da avant que da pour que, idan babban aikatau yana lokacin da ya wuce. Hular nan ita kaɗai ke raba su a ido, a kunne kuwa babu bambanci ko kaɗan. Har gyaran rubutun Faransanci na 1990, wanda ya yarda a cire hula daga kan i da u a kalmomi da yawa, bai taɓa wannan ba. Gwajin da nake yi ba ya cin minti ɗaya: mayar da jimlar jam'i. Gizo fut surpris zai zama ils furent surpris, to ba hula. Bien qu'il fût malade, il partit zai zama bien qu'ils fussent malades, to akwai hula. In ka ji -rent, passé simple ne. In ka ji -ssent, subjonctif ne. Kuma kada que ta ruɗe ka, ba kowace que ke jawo subjonctif ba: dès qu'il fut sorti ba ya ɗaukar hula, haka après qu'il eut mangé.

Ginin wannan lokaci daga passé simple yake fitowa, shi ya sa wanda bai iya na farko ba ba zai iya na biyu ba. Ɗauki siffar tu, ƙara -se: tu parlas, que je parlasse, tu pris, que je prisse. A il ne kaɗai ake zubar da s a sa hula da t: qu'il parlât, qu'il prît, qu'il vînt. Lura da t ɗin parlât, don il parla ba shi da ita.

A baki kuwa, wannan ma ya mutu kamar ɗan'uwansa. Tsohuwar ƙa'ida ta ce je voulais qu'il vînt, amma Bafaranshe na yau je voulais qu'il vienne yake cewa, kuma ba wanda zai kira shi jahili. Tun 1901 wata dokar ma'aikatar ilimi ta Faransa ta ce kada a ci ɗalibi maki a jarrabawa in ya sa présent du subjonctif bayan conditionnel. Siffofi irin su que nous mangeassions nauyi suke yi wa kunne har su ba mutane dariya. Marubutan da ke amfani da shi yau ma galibi a il suke tsayawa, inda yake gajere, fût da eût da pût. Ni abin da nake gaya wa ɗalibi shi ne ya iya gane shi a karatu, a nasa rubutun kuma ya sa présent du subjonctif sai in ya tabbata. Wanda kuma ya shiga ofis neman aiki yana cewa j'arrivai hier don a san ya yi karatu, kansa ya cuta, je suis arrivé hier ake cewa. Haka wasiƙa da rahoton aiki da saƙon waya, duk zance ne ko da a rubuce suke.

Sauran ƙanana ne. Je marchai da je marchais kusan sauti ɗaya ne, ka juya su zuwa il, in marcha ya zauna to ba s, in marchait ne to akwai. Je marcha babu shi, -a na il ne. Il vit yana iya zama “ya gani” ko “yana rayuwa”, jimlar ce za ta nuna maka, kuma “ya rayu” il vécut ne. Il fit na faire ne, il fut na être, kada ka musanya su. Nous da vous a passé simple kusan kullum da hula suke, nous fûmes, vous prîtes. Maganar da ke bakin mutanen cikin labarinka kuwa zance ce: mai ba da labari zai rubuta il entra et dit, amma abin da mutumin ya faɗa j'ai perdu mon argent ne, ba je perdis ba.