Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saka Stop Loss a Cinikin Zinariya

Kuskuren da ya fi cinye wa sababbin 'yan kasuwa jari shi ne ɗaukar Stop Loss a matsayin alƙawari. Mutum ya rubuta farashi, ya kwanta barci hankali kwance, yana ganin asararsa ba za ta wuce nan ba. Alhali abin da ya faɗa wa dillali shi ne: idan farashi ya taɓa nan ko ya wuce, ka sayar a duk farashin da ka samu.

A ce ka sayi XAUUSD, wato zinariya da ake sa wa farashi da dalar Amurka, ranar Juma'a a kan dala 2,400, girman cinikin 0.10, wato oza 10, ka sa Stop Loss a 2,390. A lissafinka asarar dala 100 ce. Kasuwa ta rufe da ƙarfe 5 na yamma agogon New York, wato 10 ko 11 na dare a Kano, gwargwadon lokacin shekara. Sai wani babban labari ya ɓulla ranar Asabar. Da aka buɗe ranar Lahadi da dare, farashin farko 2,362 ne. Babu wanda ya saya a 2,390, farashin ya tsallake shi kamar mai tsallake kwata. A 2,362 za a sayar maka, asarar ta zama dala 380. Wannan gibin kana iya ganinsa da ido a jadawali: fili ne tsakanin sandar Juma'a da ta Lahadi. Ko a tsakiyar mako akwai hutun awa ɗaya kullum, shi ma yakan bar ƙaramin gibi.

Gyaran ba matso da Stop Loss kusa ba ne, domin gibi bai san inda ka ajiye shi ba. Ko dai ka rufe cinikin kafin kasuwa ta rufe ranar Juma'a, ko ka rage girmansa. Da 0.02 ka riƙe, da asarar ta tsaya a dala 76. Wasu dillalan suna sayar da Stop Loss mai garanti a kan ƙarin kuɗi, ka tambayi naka.

Umarnin Limit kuwa akasin haka yake. Yana ba ka farashin da ka nema ko wanda ya fi shi, amma bai lamunce maka cewa cinikin zai faɗa ba. Matsalarsa a daren gibi ita ce Buy Limit, wato umarnin saye idan farashi ya sauko, da ka manta a 2,385 zai shigar da kai kasuwar da ke gangarowa, kana barci. Kafin a rufe, ka duba umarnin da ke jira, ka goge wanda ba ka so.

Akwai kuma masu zargin dillali da cuta don an fitar da su alhali jadawali bai kai wurin ba. Jadawalin manhajar MetaTrader farashin Bid yake nunawa, wato wanda dillali ke saya daga gare ka, shi kuwa cinikin sayarwa a kan Ask ake rufe shi, wato farashin da dillali ke sayar maka, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan faɗaɗa sosai a mintunan buɗewa. Ka kunna layin Ask a saitin jadawali, ka ga inda ya kai.