Waya ta iso da tsagaggen gilashi: kurakuran da ke kashe takardar koke, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya buɗe kwalin sabuwar waya ya tarar gilashinta a tsage, abin da yake fara rubuta wa mai sayarwa yawanci ɓacin rai ne. Ba laifinsa ba ne, kuɗinsa ya biya. Sai dai wanda zai karanta koken tambaya ɗaya ce a ransa: tsagewar nan tun kafin wayar ta shigo hannun mai saye take, ko shi ne ya yar da ita bayan ya karɓa? Gilashin da ya fashe a hanya da wanda ya fashe a tsakar ɗaki kamarsu ɗaya a hoto. Aikin takardarka da hotunanka shi ne amsa wannan tambaya, kuma kusan duk kuskuren da ake yi barin ta ne babu amsa.

Kuskure na farko yakan faru ne tun ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. Mutum ya yage ledar waje, ya jefar da kwalin jigila a shara, sannan ya lura da tsagewar. Wannan kwalin kuwa shi ne babban shaidarka. Idan kusurwarsa ta lotse, ko an huda shi, ko an sake manne shi da wani salatif daban, yana nuna cewa kayan sun sha wuya a hanya. Idan kuma lafiyarsa ƙalau amma babu abin da aka cusa a ciki don tare wayar, wannan ma hujja ce, domin naɗe kaya aikin mai sayarwa ne. Saboda haka ka ajiye komai: kwalin waje, kwalin wayar, ledoji, da takardar da aka liƙa mai ɗauke da sunanka da lambar bin diddigin kaya. Abin da ya fi duka shi ne ka kunna bidiyo tun kwalin yana rufe, ka nuna takardar da ke jikinsa, ka buɗe har ka fito da wayar ba tare da ka tsayar da ɗaukar ba. Bidiyon da aka yanke a tsakiya ba ya da ƙarfi, domin za a ce a wurin yankewar abin ya faru. Idan ka riga ka buɗe ba ka ɗauka ba, kada ka mayar da wayar cikin kwali ka sake manne shi don ka yi bidiyon ƙarya. Salatif ɗin da aka ɓamɓare yana nunawa, kuma da zarar an gane, gaskiyarka ma ta zama abin shakka. Ka ɗauki hotunan abin da ke hannunka yanzu, ka faɗi yadda aka yi.

Sai batun hotunan kansu, kuma nan ne na fi son mu daɗe. Yawancin mutane hoto ɗaya suke turawa: an matso da kyamara dab da tsagewar, an kunna fitilar kyamara, sai farin haske ya cika gilashin. Mai duba koke ba zai ga tsagewar sosai ba, kuma ko ya gani, babu abin da ke nuna masa cewa wayar da ya aiko ce. Tana iya zama ta kowa.

Gilashi yana mayar da haske, shi ya sa fitilar kyamara ke ɓata hoton. Ka kashe ta, ka ajiye wayar a kan abu mai launi ɗaya kusa da taga, allon a kashe, ka ɗan karkata ta yadda hasken zai zo daga gefe. A haka layin tsagewar yake fitowa fari a kan baƙin allo. Ka ɗauki ɗaya daga nesa wanda wayar gaba ɗaya ta fito, sannan ɗaya na kusa a daidai inda tsagewar ta faro. Bayan haka ka kunna wayar ka sake ɗauka allon yana nuna farin shafi. Dalilin wannan shi ne allon waya hawa-hawa ne: akwai gilashin sama da kake taɓawa, akwai kuma ainihin allon da ke nuna hoto a ƙarƙashinsa. Idan na ƙasan ya lalace, za ka ga baƙin tabo kamar an zubar da tawada, ko layuka masu launi a tsaye ko a kwance, ko wani sashe ya mutu baki ɗaya. Waɗannan ba sa fitowa idan allon a kashe yake.

Akwai abin da ya kamata ka tabbatar kafin ka aika komai. Wasu wayoyin suna zuwa da leda ko gilashin kariya a manne a kan allo, kuma wani lokaci shi ne ya tsage, allon yana lafiya. Ka duba gefen allon da kyau ko za ka ga bakin wani abu da aka ɗora a kai. Idan akwai, ka ɗauki hotonsa yadda yake, ka faɗa a takardar, ka tambayi mai sayarwa ko ya yarda ka cire. Kada ka ɓamɓare shi da kanka kafin ya amsa, domin a nan ake samun wanda zai ce wajen cirewa ka fasa.

Abin da ke ɗaure hoton da wayarka ita ce lambar IMEI, lamba 15 da kowace waya take da tata. Tana jikin sitikar da ke kwalin wayar. Wasu wayoyin an rubuta ta a bayansu ko a kan ɗan faifan da ake ɗora layi, kuma idan ka kai ga wurin buga kira za ta fito idan ka danna:

```
*#06#
```

Ka ajiye wayar kusa da kwalinta ka ɗauki hoto ɗaya wanda tsagewar da lambar kwalin suka fito tare, wani kuma da ke nuna lambar wayar ta yi daidai da ta kwalin. Waya mai layi biyu za ta nuna lamba biyu, wannan ba matsala ba ce.

Hotunan kuma a tura su yadda kyamara ta ɗauke su. Kowane hoto na asali yana ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa, kuma idan lokacin ya yi kusa da lokacin da kamfanin jigila ya rubuta cewa an miƙa kaya, ya taimake ka ƙwarai. Hoton allo na wani hoton ba ya ɗauke da wannan bayani na asali, kuma manhajojin hira sukan matse hoto su goge wannan bayani idan ba a matsayin fayil ka tura ba. Idan kana son zagaye tsagewar da jan layi don a gani, ka yi a kan kwafi, ka tura duka biyun.

Wani kuskuren da ke cin mutane shi ne ci gaba da amfani da wayar. An sa layi, an shigar da asusun imel, an yi kwana uku ana kira da ita, sannan a rubuta cewa a fashe ta zo. Wa zai yarda? Kunna ta don ɗaukar hoto ya isa, daga nan ka kashe ka mayar da ita kwalinta. Kada kuma ka kai ta wurin mai gyara, ko da dubawa kawai zai yi, domin da zarar wani ya buɗe ta mai sayarwa ya sami mafita. Jinkiri ma haka yake. Kowane shagon intanet yana da wa'adin da ya ɗiba na kai rahoton kayan da suka iso a lalace, kuma a wasu wuraren ya fi wa'adin mayar da kaya na yau da kullum gajarta. Ka karanta ƙa'idarsu, amma ka aika koken a ranar da ka karɓa.

Yanzu takardar. Ga irin wadda ake yawan turawa:

"Kun cuce ni. Wayar da na saya a wurinku a fashe take. Ina garantin da kuka ce akwai? Ku yi wani abu ko in tona muku asiri."

Babu lambar oda, babu rana, babu abin da ake nema. Mafi muni kuma shi ne ambaton garanti. Garantin kamfanin da ya ƙera waya yawanci aibin ƙira yake ɗauka, ba ya ɗaukar fashewar gilashi, don haka wanda ya kira garanti ya ba su amsar da za su sallame shi da ita. Kokenka na kayan da suka iso a lalace ne, kuma mai sayarwa ne ka yi ciniki da shi. Idan ya ce ka je ka nemi kamfanin jigila, ka tuna masa cewa shi ya ɗauke su aiki, idan dai ba kai ka turo naka ɗan aiken ba.

A ce wata ta karɓi wayarta ranar 4 ga Maris da ƙarfe 2 na rana. Ga yadda tata za ta kasance:

"Barkanku da aiki. Ina rubuto muku ne game da odata mai lamba 58213. Wayar ta iso yau 4 ga Maris da misalin ƙarfe 2:00 na rana. Da na buɗe kwalin bayan minti 15, sai na tarar gilashin allon ya tsage daga kusurwar dama ta ƙasa zuwa tsakiya, tsawon kamar santimita 6. Da na kunna ta, akwai baƙin tabo a wannan kusurwar. Kwalin jigilar ya lotse a gefe guda. Ban sa layi ba, ban shigar da wani asusu ba, kuma kwalayen da duk abin da ya zo ciki suna nan. Na haɗa hoto 6: na 1 da na 2 kwalin waje ne da takardar jigila, na 3 da na 4 tsagewar ce allon a kashe, na 5 allon a kunne, na 6 wayar ce tare da lambar IMEI ta kwalin. Ina neman ku sauya mini da sabuwa irinta, ku kuma ɗauki nauyin kuɗin mayar da wannan. Don Allah ku sanar da ni yadda zan mayar da ita nan da ranar 11 ga Maris. Na gode."

Ka lura ba ta zargi kowa ba, ba ta ce ɗan aike ne ya yar ko da gangan aka aiko mata mai aibi ba, domin ba ta gani ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa. Buƙata ɗaya ta nema kuma. Wanda ya rubuta "ku sauya ko ku gyara ko ku rage mini wani abu" ya bar wa mai sayarwa zaɓi, shi kuwa mafi arha zai ɗauka.

Inda aka aika takardar ma yana da tasiri. Idan a babbar kasuwar intanet ka saya, wadda 'yan kasuwa da yawa ke baje kaya a cikinta, ka rubuta ta cikin akwatin saƙon manhajar, ka kuma buɗe koke a kan odar kanta. Masu kasuwar abin da ke cikin manhajarsu suke dubawa idan za su raba gardama. Mai sayarwa zai iya kiran ka da daɗin baki ya ce ka rufe koken tukuna zai turo sabuwa. Kada ka rufe sai sabuwar ko kuɗinka sun shigo hannunka, domin a wurare da yawa koken da aka rufe ba ya sake buɗuwa. Idan kun yi magana ta waya, ka rubuta abin da kuka tsayar a cikin manhajar ka nemi ya tabbatar. Idan ya yi tayin mayar maka da wani ɓangare na kuɗin ka riƙe wayar, ka fara tambayar nawa ake sauya allon asali na irin wannan wayar, musamman idan na ƙasan ya lalace, domin sau da yawa tayin ba ya kai kuɗin gyaran.

Ranar mayar da wayar, ka ɗauki hotonta a cikin kwali kafin ka rufe, ka cusa abin da zai hana ta motsi, ka aika ta hanyar da ke ba da lambar bin diddigi, ka riƙe rasit. Idan wa'adin da ka bayar ya wuce shiru, ka ɗaga koken zuwa ga masu kasuwar. Idan da katin banki ka biya, ka tuntuɓi bankinka a kan ƙalubalantar biyan, shi ma yana da nasa wa'adin, kuma takardar nan da hotunan nan shida da rasit ɗin mayarwa su ne za su nema.